Yadda ƙaramin mai kawo kaya zai shirya inbois ɗin da za a biya ba tare da an dawo masa da shi ba

Wanda zai biya ka kuɗinka a kamfani galibi bai taɓa ganinka ba. Manajan saye ne kuka yi ciniki da shi, mai sito ne ya ƙirga kayan, amma akanta da ke zaune a wani ofishi daban shi ne zai sa hannu a saki kuɗi, kuma shi takarda kawai yake gani. Zai ajiye takardu uku a gabansa: takardar oda da kamfaninsu ya ba ka, takardar kai kaya da mai sito ya sa wa hannu, sai inbois ɗinka. In ukun nan sun faɗi magana ɗaya, kana cikin jerin waɗanda za a biya. In ɗaya ta saɓa, ko da da kwali ɗaya ne, zai ture fayil ɗinka gefe, kuma ba lallai ya kira ka ya gaya maka ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga wannan mutumin: ka rubuta masa takardar da ba za ta bar shi da tambaya ba.

Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A ce kana da ƙaramin kamfani a Kano, kana sayo kayan kariya na ma'aikata kana kai wa masana'antu, sai wata masana'anta a Sharada ta ba ka oda: safar hannu 200 a kan naira 1,500 kowace, takalmin aiki 60 a kan naira 14,000, hular kwano 60 a kan naira 4,500. Farashin nan na misali ne, lissafin shi ne abin lura.

Mataki na farko: tattara takardun da inbois zai tsaya a kansu

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka tabbata takardar oda tana hannunka, wadda a ofisoshi ake kira LPO ko PO. Odar baki ba ta da wurin zama a fayil. In manajan saye ya kira ka a waya ya ce “Alhaji, ƙaro mana hula goma,” ka ce to, amma a ba ka gyararriyar oda ko sabuwa kafin ka ɗora kayan a mota. In ba haka ba, za ka rubuta hula 70 a inbois alhali takardarsu tana cewa 60, kuma goman nan za su riƙe maka kuɗin sauran kayan gaba ɗaya.

Ta biyu ita ce takardar kai kaya. Ka buga ta kwafi biyu, ba farashi a ciki, sunan kaya da adadi kawai. Ranar da aka sauke kaya, mai sito ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi, ka dawo da kwafi ɗaya. Ka tsaya a ƙirga a gabanka. In ya ce takalma shida sun yi ƙanana ba za su karɓa ba, a rubuta 54 a takardar nan take, inbois ɗinka ma 54 zai ce.

A nan kuma ya kamata a raba takardu uku da ake yawan cakuɗawa. Takardar farashi, wadda ake rubuta Quotation ko Proforma a samanta, tayi ce kafin ciniki ya faɗa. Inbois neman biya ne bayan ka kai kaya. Rasit kuwa shaida ce cewa kuɗi sun shigo hannunka. Kada ka taɓa miƙa rasit kafin ka ga kuɗi a asusunka, don takarda ce da ke cewa an riga an sallame ka.

Mataki na biyu: saman takarda

A can sama sai sunan kasuwancinka kamar yadda yake a satifiket ɗin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, harafi da harafi, tare da lambar rajista: RC in kamfani ne, BN in sunan kasuwanci ne. Ƙarƙashinsa adireshi, lambar waya, da lambarka ta haraji wato TIN. Kada ka bar TIN a baya, za ka ga abin da rashinta ke ci idan mun zo maganar haraji.

Sai lambar inbois. Kowane inbois da lambarsa, a jere, ba maimaici ba tsallake. Tsari mai sauƙi shi ne shekara da lamba, kamar 2026-014. In ka ɓata ɗaya, ka rubuta an soke a kansa ka ajiye, kada ka yaga ka sake amfani da lambar. Da wannan lambar akanta zai shigar da kai a na'ura, da ita za ka bi kuɗinka in sun makara, kuma in lamba ɗaya ta zo masa sau biyu zai ɗauka kana neman a biya ka sau biyu ne.

Bayan kwanan wata sai sunan mai saye. Cikakken sunan kamfanin za ka rubuta kamar yadda yake a takardar odarsu, da adireshinsu da TIN ɗinsu. Sunan manajan da kuka yi ciniki da shi ba ya zama a gurbin mai saye. Kamfanoni da yawa 'yan gida ɗaya ne, ƙofa ɗaya ake shiga, amma kowanne da asusunsa, kuma in ka rubuta sunan ɗan uwansa za a dawo maka da takarda. Daga nan ka saka lambar odarsu da lambar takardar kai kaya a inda ido zai fara sauka.

Mataki na uku: jera kaya

Kowane kaya da layinsa: bayani, adadi, ma'auni, farashin ɗaya, jimilla. Ka kwafi bayanin daga takardar oda. In sun rubuta takalmin aiki mai ƙarfe a baki, lamba 42 zuwa 45, kai ma haka za ka rubuta, kada ka taƙaita ka ce “takalma.” Ma'auni ma yana jawo rigima: safar hannu 200 ɗin nan, ƙwara ɗai-ɗai ne ko ta hannu biyu? Kwali ne ko dozin? Abin da odar ta ce shi za ka bi.

A misalinmu, safar hannu ta kama naira 300,000, takalma 840,000, huluna 270,000. Jimillar kaya naira 1,410,000. A wurin ciniki ka yi musu rangwamen naira 50,000, kuma an amince za su biya kuɗin mota naira 40,000. Kowanne a ba shi layinsa a fili. Kada ka narkar da rangwame cikin farashin kaya, don farashin zai saɓa da na oda. Kuɗin mota kuwa, in ba ya cikin oda kada ka cusa shi daga baya, ba za a biya ba. Bayan an cire rangwame an ƙara kuɗin mota, abin da ya rage naira 1,400,000. A kan wannan adadin ake lissafin duk harajin da zai biyo baya.

Mataki na huɗu: layin VAT

A Najeriya harajin VAT, wato harajin da ake ɗora wa mai saye a kan kuɗin kaya, kashi 7.5 cikin ɗari ne tun ranar 1 ga Fabrairu 2020, kafin nan kashi 5 ne. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, suka fara aiki a Janairu 2026, sun bar shi a kashi 7.5, sai dai hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS.

Tambayar farko ita ce ko kai kana cikin masu ɗora shi. Dokar kuɗi ta 2019 ta sauke wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT, sabbin dokokin kuma sun ɗaga wannan iyakar sama. Don haka ka je ofishin harajin da fayil ɗinka yake ka tantance matsayinka kafin ka buga inbois na farko. In kana cikin waɗanda aka sauke wa nauyin, ka bar layin, ka rubuta dalili a ƙasa da jimla ɗaya don kada akanta ya zaci mantuwa ce. Abin da nake gargaɗi a kai da gaske shi ne mutum ya ɗora kashi 7.5 don ya ga wasu suna yi, ya karɓa ya zuba cikin jarinsa. Wannan kuɗin na gwamnati ne, amana ce a hannunka, kuma kamfanin da ya biya ka zai rubuta a nasa rahoton cewa kai ya ba. Ranar da aka haɗa lissafin biyu, kai za a nema.

Tambaya ta biyu ita ce irin kayan. Kayan abinci na yau da kullum, magunguna da littattafan karatu ba a ɗora musu kashi 7.5. In oda ɗaya ta haɗa buhunan shinkafa da sabulun wanki, sai ka raba jimilla biyu, VAT ya hau kan ta sabulu kaɗai. Kayanmu na kariya duka suna ɗaukar haraji, don haka kashi 7.5 na 1,400,000 shi ne naira 105,000, jimillar inbois ta zama naira 1,505,000.

Ga inda ƙananan 'yan kasuwa suke asara ba su sani ba. Ka ba da farashi, ba ka faɗi ko da VAT a ciki ko babu ba, sai odar ta fito an rubuta VAT inclusive a ƙasa. Ma'anarsa 1,400,000 ɗin ita ce duka abin da za su biya, harajin yana cikinta. Don ka gane naka, sai ka raba da 1.075: kuɗin kayanka ya koma kusan naira 1,302,326, sauran 97,674 na gwamnati ne. Ga wanda ribarsa a wannan odar ba ta wuce dubu ɗari da hamsin ba, kusan kashi biyu cikin uku sun tafi. Maganin wannan tun a takardar farashi yake: ka rubuta cewa farashin bai haɗa da VAT ba, in oda ta zo kuma ka karanta ƙasanta kafin ka shiga kasuwa sayen kaya.

In kana cikin masu karɓar VAT, ana shigar da rahoton kowane wata zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Ka riƙa neman inbois mai nuna VAT daga dilolin da kake saro kaya a wurinsu, don VAT ɗin da ka biya wajen saro kayan ana cire maka shi daga wanda ka karɓa, bambancin kake kai wa hukuma. Takardar hannu da ba TIN ba layin haraji ba za ta yi maka wannan aikin ba.

Mataki na biyar: harajin da za a cire tun daga tushe

Wannan shi ne WHT, kuma shi ne ke sa sabon mai kawo kaya ya ga alat ya ce an cuce shi. Shi ba ƙara shi kake yi a kan inbois ba, mai saye ne yake yankewa daga kuɗinka ya kai wa hukumar haraji da sunanka. A ƙarƙashin ƙa'idojin 2024 da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025, kawo kaya daga wanda ba shi ya ƙera su ba kashi 2 cikin ɗari ne, aikin ƙwararru da na ba da shawara kashi 5, haya kashi 10. Ana lissafa shi a kan kuɗin kaya kafin VAT. A misalinmu kashi 2 na 1,400,000 naira 28,000 ne, don haka abin da zai shigo asusunka naira 1,477,000.

In ka ga an cire 30,100, to sun yi lissafi a kan jimillar da ke ɗauke da VAT, kuskure ne, ka koma da takardarka a gyara. Wannan na daga cikin dalilan ware VAT a layinsa. In kuwa ba ka ba da TIN ba, ƙa'ida ta ce a ninka, a cire kashi 4, naira 56,000 ke nan. Akwai sassauci kuma: in mai sayen ƙaramin kamfani ne, cinikinku a watan bai wuce naira miliyan 2 ba, kana da TIN mai aiki, ba a ɗora masa cire komai ba. Haka ma cinikin kan kanta na saye-ka-biya. Babbar masana'anta irin ta misalinmu kuwa za ta cire.

Kuɗin nan bai ɓace ba. Ajiya ce da za a rage maka daga harajin ribarka na shekara, amma sai da shaida. Ka nemi rasit ɗin abin da aka cire daga mai saye, ka adana shi tare da kwafin inbois. In kamfani ne kai mai lambar RC, kuɗin yana tafiya hukumar tarayya. In sunan kasuwanci ne kawai, yana tafiya hukumar harajin jiharka, a Kano KIRS. Ka gaya wa akanta wanne ne kai, don in ya tura inda ba nan ba, dawo da shi wahala ne.

Ni shawarata kada ka cire WHT daga jimillar inbois da hannunka. Jimilla ta tsaya a 1,505,000, sai ka sa ɗan bayani a ƙasa cewa in za a cire, kashi 2 ne a kan 1,400,000, kuma a ba ka rasit. In ma'aikatar gwamnati kake kai wa kaya, ka sani su har VAT ɗin suke riƙewa su kai da kansu, don haka a wannan odar 1,372,000 za ka gani.

Da yake kamfanoni da Turanci suke karɓar inbois, ga yadda gindin takardar zai fito:

```
Goods total          1,410,000.00
Less discount          (50,000.00)
Delivery                40,000.00
Sub-total            1,400,000.00
VAT @ 7.5%             105,000.00
TOTAL DUE            1,505,000.00
Due date: 2 April 2026
```

Ka rubuta jimillar da kalmomi ma a ƙarƙashin alƙaluma, kamar yadda ake yi a cak.

Mataki na shida: sharuɗɗan biya

“Za a biya nan ba da jimawa ba” ba sharaɗi ba ne. In an yi yarjejeniyar kwana 30, wanda ake rubutawa Net 30, ka tambayi daga yaushe ake fara ƙirgawa: daga ranar da ke kan inbois, daga ranar sauke kaya, ko daga ranar da ofishin akanta ya buga hatimin karɓa? Wasu kamfanonin ma daga ƙarshen wata suke farawa, kuma rana ɗaya suke biyan masu kawo kaya a wata. Inbois ɗin da aka rubuta 3 ga Maris, a tsarin farko 2 ga Afrilu za a biya shi, a tsarin ƙarshen wata kuwa sai 30 ga Afrilu. Kusan wata guda ne tsakani, kuma dilan da ya ba ka kaya bashi a kasuwar Sabon Gari ba zai jira wannan watan da kai ba. Abin da kuka amince a kai, ka mai da shi kwanan wata ka rubuta ɓaro-ɓaro. Ka tuna kuma inbois ba ya ƙirƙirar sharaɗi. In odarsu ta ce kwana 60 ka karɓa, rubuta kwana 14 a inbois ba zai canza komai ba. Wurin jayayya shi ne kafin ka karɓi oda.

In an ba ka kafin alƙalami, ka nuna shi bayan jimilla. A ce sun ba ka naira 400,000 tun farko: VAT yana nan a 105,000 don a kan cikakken kuɗin kaya yake, sai a rubuta jimilla 1,505,000, an biya 400,000 ranar kaza, saura 1,105,000.

Sai asusun banki: sunan banki, lamba mai alƙaluma goma, da sunan asusu. Sunan asusun ya zama daidai da sunan da ke saman inbois. Kamfani mai tsari ba ya tura kuɗin kamfani cikin asusun ƙashin kai, naka ne ko na ƙaninka. In ka canza banki, ka sanar da wasiƙa mai hatimi, ka bi da kiran waya, domin 'yan damfara suna aika wa kamfanoni saƙon ƙarya da sunan mai kawo kaya suna cewa an canza asusu, shi ya sa akantoci suke ɗar-ɗar da duk sabuwar lamba.

Maganar tara a kan jinkiri, da yawa cikinmu ba ma sa ta saboda gudun cin kuɗin ruwa, kuma akwai hanyar da ta fi ta aiki ga ƙaramin mai kawo kaya: ka rubuta tun a takardar farashi cewa ba za a kai sabuwar oda ba sai an biya ta baya, ko kuma a raba biyan, rabi kafin kai kaya, rabi bayan kwana 14.

Mataki na bakwai: miƙawa da bibiya

Ka sa hannu, ka buga hatimi, ka haɗa inbois da kwafin oda da takardar kai kaya mai sa hannun mai sito. Ka kai ranar da aka sauke kaya ko washegari. In da hannu ka kai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka. In ta imel ne, ka tura shi a PDF, ka sa lambar inbois da lambar oda a kan saƙon, ka tura wa ofishin akanta kai tsaye. Hoton takarda da aka ɗauka da waya aka tura wa manajan saye a WhatsApp yakan kwana a wayarsa har wa'adi ya wuce.

Bayan kwana uku ka kira ka yi tambaya ɗaya: “Ranka ya daɗe, inbois lamba 2026-014 ya shiga na'ura, ko akwai abin da ya rage?” In akwai matsala gara ka ji ta yanzu da ka ji ta ranar da kake jiran alat. Mako guda kafin wa'adi ka sake tunatarwa a rubuce.

In bayan ka miƙa ne aka dawo da kaya, kada ka goge adadi da biro, kada kuma ka buga wani inbois da tsohuwar lamba. Takardar ragi ake yi, wadda ake rubuta Credit Note a samanta, da lambarta daban, tana ambaton inbois ɗin da take gyarawa. A ce takalma shidan nan sai daga baya aka dawo da su: naira 84,000 ne, VAT ɗinsu 6,300, ragin ya zama 90,300. Sabon kuɗin kaya 1,316,000, abin da za a cire daga tushe ya sauko zuwa 26,320, bashin da kake bi 1,414,700, abin da zai shigo asusu 1,388,380.

Ka buɗe littafi ko shafi a kwamfuta mai layi ɗaya ga kowane inbois: lamba, mai saye, jimilla, ranar biya, abin da kake sa ran zai shigo, abin da ya shigo, da ko ka karɓi rasit ɗin harajin da aka cire. Ranar da alat ya zo, ka gwada shi da adadin da ka rubuta tun farko. In sun yi daidai ka ba da rasit. In akwai giɓi, ka nemi akanta ya ba ka takardar bayanin biya mai nuna abin da aka cire layi-layi a cikin makon nan, tun fayil ɗin yana kan teburinsa.